Soso nawa kwali zai ci? Yadda ake lissafinsa kafin a tura kayan gilashi da tangaran

Yayata tana haɗa turaren wuta a Tudun Wada, tana zuba shi a kwalaben gilashi masu faɗin baki, ni kuma nawa aikin ɗaure kaya da kai su tasha. Ran da na fara, kwalba shida aka saya daga Sakkwato. Na samo kwali, na jera su, na yayyaga tsohon soson kushin na tuttura a tsakani har na ga ya kai baki, na liƙe da salatef. Kwana biyu sai ga hoto a waya: kwalba biyu sun tarwatse, turare ya cakuɗe da gilashi, soso kuwa ya tattare can gefe ɗaya kamar an share shi da tsintsiya. Yaya ta miƙo mini wayar ta ce, "Auta, ina soson da ka ce ka cika?" Babu inda ya je. Tun farko bai kai ba, idona ne ya ce ya kai.

Abin da ya sa ido ke yaudarar mutum a nan shi ne, idan an bar wa kaya tazarar da ta kamata, mafi yawan cikin kwalin ba kaya ba ne, fili ne. A kwalin da zan yi misali da shi, kwalaben ba su ci ko kashi ɗaya cikin shida na cikin ba. Sauran duk soso ne zai zauna a wurin, kuma duk inda ka bari babu komai, nan kaya za su gangaro idan mota ta faɗa rami. Saboda haka ake auna filin da lita, kamar yadda ake auna man gyaɗa, sannan a san abin da za a saya.

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin tela, biro da takarda, kalkuletar waya, wuƙa mai kaifi ko sabuwar reza, da bokitin fenti mai lita 20 idan akwai.

Fara da kayan, ba da kwalin ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko kwalin da ke kusa, sannan a nemi yadda kaya za su shiga. Juya abin za ka yi. Auna kayan tukuna, su za su faɗa maka girman kwalin da za ka nema.

Kwalaben yaya kowacce faɗinta santimita 9 ne, tsayinta har murfi 14, nauyinta idan an cika ta wajen giram 600. Ka auna a inda ta fi kauri, ba a wuya ba. Idan abin yana da hannu ko baki da ya fito, kamar butar shayi, awon ya haɗa da su, don su ne ke fara karyewa.

Ka'idar da kamfanonin aike suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla santimita 5, wato inci 2, tsakanin kaya da kowane bango na kwali: ƙasa, sama, da gefe huɗu. Tsakanin kwalba da 'yar'uwarta ni ina barin inci 1, wato santimita 2.5, don abu ne mara nauyi sosai. Idan za a jera su uku-uku sahu biyu, ga yadda awon ke fitowa:

tsawo: 5 + 9 + 2.5 + 9 + 2.5 + 9 + 5 = 42
faɗi: 5 + 9 + 2.5 + 9 + 5 = 30.5
zurfi: 5 + 14 + 5 = 24

To da waɗannan lambobi uku za ka shiga kasuwa. Da wuya ka sami kwalin da ya yi daidai cif, don a Kaduna yawancinmu tsohon kwali muke saye a wajen masu shaguna. Ka ɗauki wanda ya ɗan ɗara, kada ka ɗauki wanda ya gaza. Wanda na samu a Kasuwar Barci cikinsa 45 ne a tsawo, 32 a faɗi, 26 a zurfi. Ka lura na ce cikinsa. Zura tef ɗin za ka yi ta ciki, daga bango zuwa bango, don kwali mai bango biyu yana iya cinye santimita guda ko fiye idan ka auna ta waje. Zurfi kuma daga ƙasa ne zuwa layin da marfin ke naɗewa, ba har ƙarshen marfin ba.

Lissafin gurbin

Ka ninka tsawo da faɗi da zurfi, duk a santimita, abin da ya fito ka raba shi da 1000. Amsar ita ce litar da cikin kwalin ke ɗauka.

45 × 32 × 26 = 37,440
37,440 ÷ 1000 = lita 37.4

Sai kayan. Da abu ne mai kusurwa huɗu, irin lissafin nan za a maimaita. Amma kwalba zagayayya ce, ba ta cika kusurwoyi, don haka akwai ragi. Hanya mafi sauƙi a kalkuleta: faɗi sau faɗi sau tsayi, sannan sau 0.785.

9 × 9 × 14 × 0.785 = 890
890 × 6 = 5,340, wato lita 5.3

Ka cire na kaya daga na kwali:

37.4 − 5.3 = lita 32.1

Lita talatin da biyu. Bokitin fenti ɗaya da rabi har da ɗoriya, don kwalba shida kacal. Ran da na fara yin wannan lissafi sai da na sake shi sau biyu, ina zaton na danna wani abu ba daidai ba. Abin da na zuba a kwalin Sakkwato, idan na tuna girman ledar da na ɗebo shi a ciki, ko rabin haka bai kai ba.

Idan tef ɗinka na inci ne, kada ka gauraya. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ƙafa ɗaya kuma 30.48. Ka mayar da komai santimita kafin ka fara ninkawa, in ba haka ba raba da 1000 ɗin nan ba zai ba ka lita ba.

Abin da ba shi da siffa

Kaskon turare na tangaran, fulawar gilashi, kan fitila, waɗannan ba za su yi lissafin faɗi sau tsayi ba. Wajen zaɓen kwali, ka ɗauke su kamar akwati: inda suka fi tsawo, inda suka fi faɗi, inda suka fi tsayi. Amma wajen lissafin soso, idan ka cire wannan adadin gaba ɗaya za ka cire fiye da kima, soson ya gaza, don duk lungun da ke ƙarƙashin hannu da gefen wuya fili ne da ke jiran a cike shi.

Ruwa ke raba wannan gardama. Ka cika bokiti har ya batse, ka ajiye shi cikin baho, ka sa abin a leda ka matse iskar ka ɗaure, sannan ka nutsar da shi a hankali. Ruwan da ya zubo cikin baho shi ne girmansa. Ka ɗura ruwan a gorar ruwa wadda aka rubuta awonta a jiki, mai lita 1.5 ko mai santilita 75, ka ƙirga. Abin da ba ka son ya kusanci ruwa, gero ma yana yi: ka cika roba da gero ka share bakin, ka juye, ka sa abin, ka mayar da geron har baki, ragowar ita ce girman abin. Kada dai ka auna da mudu, don mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne. Da gorar nan za ka auna.

Sai maganar abu mai rami, kamar kofi, tulu ko kwano. Idan yana da murfi a rufe, kamar kwalabenmu, cikinsa ba ruwanka da shi. Idan a buɗe yake, cikin ma gurbi ne. Soso zai gangara ciki a hanya ya bar waje babu komai, don haka ko dai ka cusa masa takarda ko soso tun farko ka ɗaure bakin, ko kuma ka ƙara cikin a lissafi.

Lita 32 ɗin nan ba iri ɗaya za a saya ba

A nan ne aikin yake. Da za ka cika lita 32 da guntayen soso zalla, kwalaben za su yi ta nutsewa a hankali da jijjigar mota har su taɓa ƙasan kwali, don guntu ba ya riƙe abu a wuri ɗaya. Shi ya sa ake raba gurbin kashi biyu: bango, wanda ake yi da shimfiɗaɗɗen soso, da lunguna, waɗanda ake cikewa da guntaye.

Bango shida ne, kowanne da soso mai kaurin inci 2. Abin lura shi ne ba duka ake yankawa da cikakken awon kwali ba, don wanda ya riga shiga ya cinye wa na baya wuri. Ƙasa da sama su ke ɗaukar cikakken awo. Da sun shiga, zurfi ya ragu da 10, ya koma 16. Dogayen gefe biyu suna ɗaukar cikakken tsawo da wannan ragaggen zurfi. Gajerun gefe kuma a tsakanin dogayen za su zauna, don haka faɗinsu ma ya ragu da 10, ya koma 22.

ƙasa da sama: guda 2, kowanne 45 × 32
dogayen gefe: guda 2, kowanne 45 × 16
gajerun gefe: guda 2, kowanne 22 × 16

Idan ka ninka kowanne da kaurin 5 ka tara, za ka sami 14,400 da 7,200 da 3,520, jimla 25,120. Wato lita 25.1 daga cikin 32.1 ta tafi a bango kaɗai. Wanda ya yanka shidan da cikakken awo zai ga sun ƙi shiga, sai ya hau datsa da ido, a nan ake ɓarnar soso.

Yanzu a tsakiya an sami ɗan ɗaki mai 35 × 22 × 16, wato lita 12.3. Kwalabe sun ɗauki 5.3, saura lita 7. Ka duba lissafinka a nan: 25.1 da 7 su ba ka 32.1. Idan ba su ba ka ba, akwai inda ka yi tuntuɓe, ka koma.

Lita bakwai ɗin nan ma ba a watsa mata guntaye haka kawai. Kowace kwalba ana naɗe ta da siririn soso mai rabin inci, a ɗaure da salatef, don ko me ya faru gilashi kada ya taɓa gilashi. Don sanin tsawon yankin, ka zagaya kwalbar da tef ka ƙara santimita 4 ko 5, saboda soson yana da kauri, zagayensa ya fi na kwalbar. Namu ya kama 33 a tsawo, 14 a tsayi. Guda shida sun ci wajen lita 3.5. Bayan naɗi kowace kwalba ta zama 11.5 a faɗi. Uku a jere 34.5, sun shiga 35 lafiya. Biyu a jere 23 ne, ɗakin kuwa 22, sai an ɗan danna. Wannan matsin ba aibu ba ne, shi ake so, soso ya riƙe su kam.

A sama akwai sauran santimita 2, tunda ɗakin 16 ne kwalba 14. Na yanka soso mai inci 1, 35 × 22, na ɗora. Ya fi gurbin kauri da rabin santimita, wanda zai danne murafan kaɗan idan an rufe. Wannan ya cike kusan lita 1.5. Abin da ya rage bai wuce lita 2 ba, su ne 'yan lungunan da ke tsakanin zagayen kwalabe da kusurwoyin ɗakin. Nan ne kawai aikin guntaye.

Guntaye suna da ƙarya

Litar guntun soso a buhu ba ita ce litarsa a kwali ba. A buhu yana kwance sakwa-sakwa da iska a tsakani, a kwali kuwa sai ka danna shi kafin ya riƙe komai. Don haka ba za ka sayi lita 2 don gurbin lita 2 ba.

Nawa za a ƙara? Ya danganta da soson, kuma gwada shi ya fi tambaya. Ka cika bokiti da guntayen ba tare da dannawa ba, ka auna tsayinsu. Ka ɗora faranti ko murfin tukunya da zai shiga bokitin, ka danna da tafin hannu daidai ƙarfin da za ka danna marfin kwali wajen rufewa, ka sake aunawa. Ka raba na farko da na biyu. Guntayen da nake samowa wajen masu yin kushin sun sauka daga santimita 30 zuwa 20, wato 30 ÷ 20 = 1.5. To duk litar gurbi sai in ninka ta da 1.5. Gurbin lita 2 yana son lita 3. Da a ce duka lita 32 zan cika da su, da sai na nemi lita 48, kusan bokitin fenti biyu da rabi. Bokiti yana ɗan tsukewa ta ƙasa, don haka awon ba cif yake ba, amma ya isa a yi aiki da shi. Naka soson zai iya ba ka wata lamba dabam. Tsohon soson katifa da ya mutu yana lotsawa fiye da haka, kuma ba ya tasowa da wuri, irin wannan ban da shi a kayan gilashi.

A wajen mai soso

Mai soso ba ya sayarwa da lita, da falle yake sayarwa, kauri kuma da inci. Don haka sai ka mayar da lissafinka zuwa fili. Ka ɗauki takardar yankanka ka jera su a kai kamar yadda tela ke jera yanka a yadi. Namu manya biyu da dogaye biyu duk suna da gefe mai 45, sai na jera su a layi ɗaya: 32, 32, 16, 16, jimla 96. Gajeru biyu, 22 da 22, suna shiga gefe da gefe a cikin faɗin 45, sun ƙara 16. Ke nan kwali ɗaya yana cin zirin soso mai 45 × 112.

Fallen da na saya ƙafa 6 ne da ƙafa 4, wato wajen 183 × 122. Ziri huɗu masu faɗin 45 sun ci 180, suka shiga cikin 183 da kyar. Falle ɗaya mai inci 2 ya yi bangon kwali huɗu ke nan, ya bar rarar santimita 10 a gefe, wadda idan an yayyanka ta tana kai lita 9, ta biya mafi yawan guntayen da kwalayen huɗu ke so. Ka tafi da tef ɗinka, don falle ba awo ɗaya ne da shi ba, kuma abin da ake kira inci 2 wani lokaci bai kai ba. Na taɓa aunawa a gaban mai shago na ga santimita 4. Na ce, "Alhaji, wannan ai bai cika biyu ba." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, haka yake zuwa." To in haka yake zuwa, sai ka gyara lissafi: kowane bango ya rasa santimita guda, kuma wannan santimitar sai an cike ta da wani siririn falle, in ba haka ba kaya za su yi wasa.

Wajen yanka, ka zana layi da biro, ka ɗora katako miƙaƙƙe, ka ja wuƙa sau da yawa a hankali maimakon dannawa da ƙarfi sau ɗaya. Dannawa tana lotsa soson, yankan ya fito a karkace. Ina ƙara kusan rabin santimita a kan kowane awo don yankin ya shiga da ɗan matsi ya tsaya da kansa.

Litar ta cika, amma soson zai ɗauka?

Lissafin lita yana faɗa maka yawa ne kawai, ba ya faɗa maka ƙarfi. Aikin soso shi ne ya lotsa a hankali lokacin da kwali ya bugu, ya shanye bugun kafin ya kai ga gilashi. Idan ya yi laushi da yawa, kayan za su nutse su daki ƙasa, kamar babu shi. Idan ya yi tauri da yawa ga abu mara nauyi, ba zai lotsa ba sam, bugun ya wuce kai tsaye.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka ajiye yankin ƙasa a kan siminti, ka ɗora abin a yadda zai zauna cikin kwali, ka duba ta gefe. Ya kamata ya ɗan shiga kaɗan. Ni idan na ga nauyinsa kaɗai ya cinye fiye da rubu'in kaurin soson, ba na yarda da shi, don bai bar komai na ranar da kwali zai faɗo daga hannun ɗan lodi ba. Kwalbar giram 600 a kan gindi mai faɗin santimita 9 ba ta wahalar da soson kushin. Amma abu mai kilo biyar da ke tsaye a kan 'yan ƙafafu ƙanana zai huda shi har ƙasa. Irin wannan sai a sa masa falankin kwali a ƙarƙashi don nauyin ya bazu, ko a koma soso mai tauri, irin farin nan mai santsi da ke zuwa a kwalin kwamfuta, wanda idan ka matsa shi yake dawowa.

Shi kuwa farin kumfan da ke cikin kwalin firij da talabijin, mai ɓarɓashi kamar ƙwai-ƙwai, yana da kyau ga kaya masu nauyi, kuma tunda ba ya matsuwa da hannu, litarsa ita ce litarsa, ba a ninka shi da komai. Aibunsa biyu. Inda ya lotsa sau ɗaya ba ya dawowa sosai, don haka bugu na biyu ba ya samun kariyar na farko. Sannan fetur na narkar da shi, wasu mayukan turare ma suna cinsa, don haka kwalbar humra sai an sa ta a leda an ɗaure kafin ta kusance shi.

Kumfan gwangwani da magina ke fesawa a jikin firam ɗin taga, wasu suna cewa ai shi ne mafi sauƙi, ka fesa ya kumbura ya cike ko'ina. Ba don wannan aka yi shi ba. Yana manne wa duk abin da ya taɓa, yana ci gaba da kumbura bayan ka ɗauka ya gama, idan ya bushe kuma ya yi tauri. Mai kaya sai ya sa wuƙa kafin ya ciro kayansa.

Shiryawa da dubawa

Ka fara liƙe ƙasan kwalin da salatef mai faɗi: layi ɗaya a tsakiya inda marafan suka haɗu, da layi biyu a gefuna. Idan damina ce, ka shimfiɗa babbar leda a ciki kafin komai, don soson kushin yana shan ruwa, jiƙaƙƙen kwali kuma ba shi da ƙarfi, ga shi kayan webil sau da yawa a saman mota ko a bakin but suke tafiya. Sai yankin ƙasa, sai dogayen gefe, sai gajeru. Ka jera kwalaben a tsaye. Ka cusa guntaye a lunguna kaɗan-kaɗan, kana turawa har ƙasa da sanda ko bayan ludayi, don lungun ƙasa shi ake mantawa. Sai siririn falle, sai yankin sama.

Kafin ka liƙe, ka naɗe marafan ka gani. Daidai shi ne soson ya ɗan ɗara baki, kamar rabin santimita zuwa guda, ka danne da hannu ɗaya ya rufu. Idan marafan sun faɗa ciki, akwai gurbi, kuma da an ɗora wani kaya a kai kwalin zai lotsa. Idan sai ka hau da gwiwa, ko ka ga cikin kwalin ya kumburo ta gefe, ya yi yawa: matsattsen soso ya riga ya gama lotsawa, ba abin da zai shanye, ga salatef na iya ɓallewa a zafin rana. Ka rage.

Sannan ka ɗaga kwalin ka girgiza shi kusa da kunnenka, ka kwantar da shi ta kowane gefe, ka kife shi. Bai kamata ka ji komai ba, ko ƙara ko motsi. Idan ka ji wani abu ya gusa, ka buɗe ka duba ta inda aka sami rami. Ina kuma barin kwalin ya kwana idan da hali, in sake girgizawa da safe, don guntaye suna zama cikin dare su bar fili a sama.

Akwai abu ɗaya da ya shafi aljihu. A tashar Kawo da ido da ciniki ake yanka kuɗin kaya. Amma manyan kamfanonin aike da yawa suna lissafa nauyi daga girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi ta waje, a santimita, a raba da 5000, sai su caje ka da wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwalinmu ta waje 46 × 33 × 27 ne, wanda ya ba da kilo 8.2, alhali a sikeli bai kai kilo 5 ba. Da na sami kwalin da cikinsa ya tsaya a 42 × 30.5 × 24, da cikin lita 30.7 ne maimakon 37.4, soson da zan saya ya ragu da kusan lita 7, kuɗin aike ma ya sauka. Shi ya sa idan kwali ya yi zurfi da yawa nake tsaga kusurwoyinsa huɗu da reza zuwa tsayin da nake so, in ja layi da bayan wuƙa, in naɗe sabbin marafa a nan. A kwali mai 45 × 32, kowace santimita ɗaya da ka rage a zurfi ta rage maka soso kusan lita ɗaya da rabi.